Ɗakin Yaya da bangon yamma: abin da ɗura ɓuntu a ramin bulo ya yi, da abin da farin soso ya yi

Gidan yayana ne a nan Kano, gida ne na ƙasa ba bene ba, ginin bulo mai rami ɗan inci tara irin wanda kowa ke yi, anyi masa filasta ciki da waje. Ɗakin da muke magana a kai shi ne ɗakin kwanansa, faɗinsa mita 3.6 tsawonsa mita 4.2, kuma dogon bangon ne yake kallon yamma kai tsaye, babu bishiya babu rumfa babu ginin maƙwabci da zai tare masa rana. Ɗaya bangon na waje yana kudu amma shi darbejiya ta rufe shi, ba shi da wata matsala. Duk shekara in Maris ya shigo har zuwa saukar damina ɗakin nan baya kwantuwa saboda zafi, matarsa da yara su koma falo, shi kuma ya ɗauki tabarma ya fita tsakar gida sauro ya yi ta cinsa.

Kafin a zo maganar bango sai da muka gama da sama, don ni a aikina bana yarda a taɓa bango alhali silin na zubo wuta. Shekarar da ta gabaci aikin bangon mun shimfiɗa audugar gilas mai tare zafi a kan silin ɗin, muka buɗe ƙofofin iska a ƙarƙashin kwano, tagar yamma kuma aka yi mata 'yar rumfa. Da rana ɗakin ya yi sauƙi sosai wallahi, kowa ya shaida. Amma da daddare abin yana nan, kuma wannan shi ne ya nuna min inda ciwon yake. Kwano da silin ba su da nauyi, rana na faɗuwa ba a daɗewa sun huce. Bulo kuwa yana shan zafi tun daga azahar har magariba, ya riƙe shi a jikinsa, sai bayan awa huɗu ko biyar zafin ya ƙaraso fuskar ciki, wato daidai lokacin da mutum ya dawo daga sallar isha'i yana neman wurin kwanciya.

Na zo da ma'aunin zafi irin wanda ake haskawa a jikin abu. Ba irin na goshi da aka yi ta amfani da shi lokacin korona ba, shi wancan in ba a juya shi zuwa awon jikin kaya ba baya karanta zafin da ya wuce na ɗan adam. Wata rana a Afrilu ƙarfe huɗu na yamma bangon ta waje ya nuna digiri 56, fentinsa ruwan ƙasa ne mai duhu. Ta ciki a lokacin 34 kawai yake. Ƙarfe tara na dare na dawo, waje ya sauko, amma ta ciki ya hau 38, silin kuma 33. Na ce Yaya ɗora hannunka a nan, ya ɗora ya ce ai kamar bayan tukunya. Gadonsa kuma a jingine yake da wannan bangon, kaga kenan duk dare da murhu yake kwana a gefen kansa, fanka sai dai ta juya iskar.

To a nan ne shawara ta rabu biyu. Tsohon birkilan da ya gina gidan, mutum ne da nake girmamawa don shekarunsa a aikin sun fi nawa nesa ba kusa ba, ya ce tunda bulon rami gare shi ai sai a huda daga sama a ɗura ɓuntun shinkafa, ga shi kusan kyauta ake samu wajen masu injin casa ta ɓangaren Kura, kuɗin mota ne kawai. Ni kuma nace a manna farin soso, irin wanda ake samu a kwalin firij, ta ciki a rufe da allon jifsom. Yaya ya duba kuɗin biyun ya ce a fara da na Baba birkila, in bai yi ba a dawo nawa. Ban ja ba, don nima ina so in ga da idona abin da zai bayar, kuma maganar Baba ba shirme ba ce, ɓuntu yana tare zafi da gaske, kuma ya fi garin katako nesa domin baya saurin ruɓewa kuma baya shan ruwa kamar shi.

Sai da na yi lissafin abin da bangon ya kamata ya ci kafin a fara, kuma duk wanda zai yi wannan aikin ina roƙonsa ya yi wannan lissafin, don shi kaɗai ne zai gaya masa ko ramukan sun cika ko ba su cika ba tunda ba ganin ciki ake ba. Bulo ɗan inci tara tsawonsa milimita 450 ne, tsayi 225, kauri 225, kuma kusan guda goma ke shiga sukwaya mita ɗaya. Na auna ramukan wani bulo da ya rage a bayan gida, biyun a haɗe suna cin kamar lita takwas. Bangon mita 4.2 ne sau mita 3, in ka cire taga ya rage sukwaya mita 11, wato bulo kamar 110, wato wajen lita 900, bokitin fenti ɗan lita ashirin sau 45 kenan. Na rubuta 45 a jikin bango da alli.

Aka huda ƙarƙashin linta a kan kowane layin rami, aka yi mazurari da gorar ruwa aka fara ɗurawa ana bubbuga bangon da guduma ta roba. Wani ramin ya sha bokiti biyu, wani ko rabin bokiti bai sha ba ya toshe. Da aka gama layin sama gaba ɗaya bokiti 17 ne suka shiga. Baba da kansa ya ce Injiniya ai na san dalili, lokacin gini duk kwaɓin da ya zubo daga cokali cikin ramin yake faɗawa, wani ya tsaya a tsakiya ya daskare ya zama murfi, sannan ƙarƙashin taga da ƙarƙashin linta takardar buhun siminti muke cusawa don kar kankare ya zurare. Ga bututun wayar wuta da aka fasa bulo aka binne aka cike da siminti. Wato ramin da muke tunanin ya miƙe zar daga sama har ƙasa, a gaskiya ɗakuna ne ɗakuna a rufe. Aka ƙara huda wani layi a tsakiyar bango da wani a ƙarƙashin taga, da ƙyar muka kai bokiti 29. Ragowar 16 ɗin wuraren da ba mu isa gare su ba ne, kuma na hana a ci gaba da huda domin bulon ba shi da ƙwari, diril na shiga yana zubowa kamar garin kwaki, bana son a mai da bangon da ke ɗauke da rufi rariya.

Bayan an toshe hujin an bar shi sati guda na dawo da ma'auni. Ƙarfe tara na dare, yanayi kusan iri ɗaya da wancan, bangon ya nuna tsakanin 36 da 38, ya danganta da inda ka haska. Kana tafiya da ma'aunin a kwance lambar tana hawa tana sauka kamar kowane taƙi guda, nan 36 nan 37 da rabi nan 36. Wannan hawa da saukar shi ne duk labarin, kuma shi nake so a gane.

Bulo mai rami biyu yana da haƙarƙari uku da suka haɗa fuskar waje da ta ciki, ɗaya a kowane gefe ɗaya a tsakiya, a bulon gidan nan kowanne kaurinsa kamar milimita 50. Uku sau 50 ya zama 150 cikin 450, kaga kashi ɗaya cikin uku na tsawon bangon siminti da yashi ne zalla tun daga waje har ciki, ba a ma sa layin kwaɓin da ke tsakanin bulo da bulo ba, ba a sa linta da ginshiƙan kankare ba. Siminti da yashi yana wuce da zafi fiye da ɓuntu sau goma sha wani abu. To in ka toshe ramin zafin baya tsayawa, ta haƙarƙarin yake bi, ya iso fuskar ciki ya bazu a filasta. Kamar mai gona ne ya yi shinge mai kyau amma ya bar ƙofa uku a buɗe, awaki ba za su tsaya duba kyan shingen ba.

In aka sa shi a lamba ya fi fitowa. Bangon bulo irin wannan da filastarsa yana wuce da kamar wat 2 a kowace sukwaya mita a kan kowane digiri ɗaya na bambanci tsakanin waje da ciki. Ko da ace ramukan sun cika taf babu inda ya rage, lissafina bai sauko da shi ƙasa da wat 1.5 ba, ragin kashi ɗaya cikin huɗu kenan. Abin da ya fi ɗaure wa Yaya kai shi ne da na nuna masa ko kumfar nan mai tsada ta gwangwani aka fesa a ramin maimakon ɓuntu, lambar kusan nan za ta tsaya, domin ba ramin ne ke ɗauke da yawancin zafin ba bayan an cika shi. Mu kuma da ko kashi biyu cikin uku ba mu gama cikawa ba, abin da muka samu bai kai haka ba ma. Soso mai kaurin milimita 50 da aka shimfiɗa a fuskar bango gaba ɗaya babu yankewa kuwa yana sauko da lambar zuwa wajen 0.55, don shi ya rufe har haƙarƙarin har lintar. A bangon nan mai sukwaya mita 11, in an kunna esi bambancin ya kai digiri 20, bango tsirara na shigo da kamar wat 440, mai cikakken ɓuntu kamar 330, mai soso kamar 120.

Damina ta zo ta ƙara nuna mana wani abu. Filastar waje tana da 'yan tsage-tsage irin na gashi, ruwan Agusta mai zuwa da iska ya riƙa bugun bangon, da can in ruwa ya shiga rami sai ya gangara ƙasa ya bushe, yanzu kuwa ya samu abin da zai riƙe shi. Jirwaye ya fito a ƙarƙashin taga ta ciki, sannan kiyashi suka yi layi suna fita ta bakin soket. Da muka buɗe huji ɗaya sai muka ga ɓuntun ba tsantsa ba ne, na ƙananan injina ne da ke fitowa haɗe da dusa, dusar ce ta jiƙa ta yi tsami ta kira ƙwari. Kuma ya zauna, ya bar fili kamar taƙi guda a saman kowane rami, daidai inda rana ta fi daɗewa tana duka. Laifin nan nawa ne da ban sa an tankaɗe shi an shanya ba kafin a ɗura, kuma ban sa an gyara filastar waje tun farko ba, na ɗauki abin gwaji ne kawai na yi sakaci da shi.

Muka jira har kaka ta wuce iskar hunturu ta fara busawa, domin ba a rufe jiƙaƙƙen bango da soso, duk danshin da ka rufe a ciki zai zauna ya yi wari. Yadda na tabbatar ya bushe, na manna leda mai faɗin taƙi biyu a wurin jirwayen na liƙe gefunanta da salatif na bar ta kwana biyu, da na ɗaga babu gumi a bayanta kuma filastar ba ta yi duhu ba. Na kuma duba gindin bangon ko yana fitar da farin gishirin nan mai cin fenti, don in danshi daga ƙasa yake hawowa to wannan wani ciwon ne daban, sai an magance shi kafin a yi maganar allo. Alhamdu lillahi nan babu. Inda ɓuntun ya jiƙa a ƙarƙashin taga muka buɗe ta ƙasa muka zazzage shi, sauran muka sa maganin ƙwari muka bar shi a ciki tunda fitar da shi sai an yi wa bangon illa.

Aikin farko ta waje aka yi shi. Aka buɗe tsagogin aka cike, aka gyara dakalin taga ya zama yana zubar da ruwa waje da ɗan lebe a ƙasansa, sannan aka yi wa bangon farin fenti. Wannan fentin kaɗai da zafi ya dawo na auna ya sauko da fuskar waje daga 56 zuwa wajen 46, kuma shi ne mafi arha a duk abin da muka yi, sai dai ƙurar hunturu tana mai da shi ja a hankali, yana son wanki ko sabuntawa. Yaya ya tambaye ni me ya sa ba za a manna soson ta waje ba, kuma tambayar tana kan hanya, don a ƙa'ida ta waje ya fi, bulon baya ma ɗaukar zafin tun farko. Amma bangon a bakin lungu yake, yara da awaki da masu babur duk suna gogarsa, soso a waje kuma sai da raga da filasta ta musamman da mai hannun da ya saba, in aka yi shi sama-sama damina biyu ya ɓare. Ban samu wanda na yarda da hannunsa ba, sai muka tsaya a ciki.

Kayan da aka siyo: farin soso irin wanda ake samu a kwalin firij amma na falle-falle, kauri milimita 50, falle shida masu mita 1.2 sau 2.4, da allon jifsom ɗan milimita 12 shi ma shida, da siraran ƙarafan da masu silin ɗin jifsom ke amfani da su, da gam ɗin tayil. Wajen siyan soso a Kofar Ruwa na ce a danna da babban yatsa, wanda ya lotsa ya zauna ko yake zubar da ƙwayoyi da an shafa shi a bar shi, mai nauyi matsattse ake so. Katako ban yarda da shi ba sam saboda gara, ita gara ba cin soso take ba amma tana yin hanya a cikinsa ta je ga abin da take so, in ka sa mata katako a bayan allo ka yi mata gida inda ba mai ganinta.

Aka kankare tsohon fenti a inda gam zai kama, aka shafa gam ɗin tayil a bayan soson da cokali mai haƙora ya game fallen duka, ba ɗigo biyar ba kamar yadda yaran suka so yi. Dalili shi ne in ka bar fili tsakanin soso da bango iska mai zafi za ta riƙa zagayawa a ciki ta fito ta sama, ga kyankyaso ya samu masauki. Wani yaro ya kawo gam mai warin fetur irin na masu gyaran takalmi wai ya fi kamawa, na ɗiga masa a guntun soso ya ga yadda ya narke ya zama rami nan take, bai sake magana ba. Fallayen aka jera su a matse, inda ya rage 'yar kafa aka yanka siririn soso aka cusa. Sannan ƙarafan suka hau a kan soson, aka ɗaure su da dogayen sukurori da suka ratsa har cikin bulo, muna neman haƙarƙarin bulon don nan ne yake riƙe sukuru, fatar ramin ba ta da ƙarfi. Da ace ƙarfen ya kwanta a jikin bulo aka yanka soso aka sa a tsakani, da mun sake yin kuskuren haƙarƙari da hannunmu, ƙarfe ma ya fi siminti ɗaukar zafi.

Wurare uku ne na tsaya a kansu da kaina. Na farko sama, mun cire layin silin na gefen bango muka kai soson har ya haɗu da audugar gilas ɗin da ke kan silin, don in ya tsaya a ƙasan silin linta za ta riƙa zubo zafi ta wannan tsakanin. Na biyu kusurwoyi, bangon yamma a haɗe yake da bangunan gefe, zafi na bi ta cikin bulo ya zagayo, sai muka lanƙwaso soson santimita 60 a kowane gefe, abin da ya sa falle shida kenan ba huɗu ba. Na uku bakin taga, nan 50 baya shiga sai muka sa ɗan 20. Allon kuma an ɗaga shi santimita ɗaya daga ƙasa aka rufe da tayil na gindin bango, saboda ruwan mofa, jifsom in ƙafarsa tana cikin ruwa laushi yake yi ya ruguje.

Maganar wuta ba wasa a cikinta. Farin soso yana ci da wuta yana narkewa da baƙin hayaƙi, shi ya sa ba a barinsa a fili ko a rufe shi da silin ɗin roba ko filawud, jifsom ɗin shi ne rigarsa, kuma ko'ina sai ya rufu har bayan soket. Waya kuma bata taɓa jikin soso, robar waya in ta daɗe manne da shi tana bushewa ta yi tauri, ga shi soson na hana ta huce zafinta, don haka mai wayarin ya sa komai a bututu ya jawo akwatunan soket biyu suka fito daidai fuskar allo. Leda ma ban sa a bayan allon ba duk da wani ya ce ya gani ana yi a bidiyo. Wancan na ƙasashen sanyi ne inda danshi ke fita daga ɗaki zuwa waje. Mu a nan da damina in esi na aiki ɗakin ne mai sanyi, danshi daga waje yake turowa, in ya tarar da leda ko fentin mai a fuskar ciki nan zai taru ya zama ruwa. Fentin ruwa muka yi, kuma na ce wa Yaya a watan Agusta kar a riƙa sa esi a 18, a bar shi 25 ko 26.

Gaba ɗaya ɗakin ya rasa kamar santimita takwas a faɗinsa, aikin kwana huɗu ne har da fenti. Kuskure ɗaya ya fito bayan wata biyu, tsayin ɗakin mita 3 ne allon kuma 2.4, to akwai haɗi a kwance can sama, mai aikin ya shafe shi ba tare da ya sa tef ɗin raga ba, bushewar hunturu ta tsaga shi siriri daga wannan gefe zuwa wancan. Aka kankare aka sa tef aka sake shafewa. Sannan matar Yaya ta so a rataye talabijin a wannan bangon, na ce a'a sai dai a ɗaya bangon, don ba mu sa abin riƙe nauyi a bayan allon ba, da an faɗa tun farko da an tanadi wurin.

Afrilun da ya biyo na koma da ma'auni ƙarfe tara na dare, babu wuta esi a kashe, tagogi a buɗe tun magariba. Fuskar allon 32 da ɗigo, iskar ɗakin kusan haka, bangon ciki da ya raba ɗakin da falo 33. Wato bangon yamma da ya fi komai zafi a ɗakin ya koma ya fi sauran sanyi. Na bi shi da ma'aunin a kwance lambar ba ta hawa da sauka, sai a bakin firam ɗin taga na alminiyam ne ta ɗaga, da ɗan layi a ƙarshen inda muka lanƙwaso soson. Ba zan iya raba muku nawa ne na farin fenti nawa ne na soso ba tunda tare suka yi aiki, amma ɓacewar hawa da saukar nan ta soson ce. Ranar da akwai wuta kuma esi ɗan doki ɗaya da da baya hutawa har tsakar dare, yanzu yana kai lambar da aka sa masa ya rage gudu.

Akwai abin da ɗakin bai zama ba, kuma na faɗa wa Yaya tun kafin ya kashe kuɗinsa. Digiri 32 ba sanyi ba ne, soso baya ƙirƙiro sanyi, tare zafi kawai yake, kuma yadda yake hana na waje shigowa haka yake hana na ciki fita. Wani dare da aka rufe tagogi saboda hadari mai ƙura, mutum huɗu a ciki babu wuta, ɗakin ya yi turiri da wuri. Da hunturu kuma ɗumin da bangon ke bayarwa da daddare wanda suke jin daɗinsa a Disamba da Janairu ya tafi, sai da aka ƙara bargo. Shi ya sa ban yarda a yi wa duka bangunan huɗu ba ko da kuɗin ya samu, sauran bulon da daɓen ƙasa su ne ke shanye zafin da ya taru da rana, irin aikin da kaurin bangon ƙasa ke yi a tsofaffin gidajen cikin gari. Bango ɗaya da rana ke duka shi ne mai laifin, shi aka rufe.

Baba birkila ya zo ya shafa allon da daddare ya daɗe bai ce komai ba, can ya ce to Injiniya ɓuntun fa, a daina kenan. Nace a'a Baba, a sabon gini yana da wuri, in ana ɗurawa layi-layi yayin da ake ɗora bulo, busasshe tankaɗaɗɗe, ana kiyaye kwaɓi kar ya faɗa rami, za a samu wannan kashi ɗaya cikin huɗun kusan a kyauta, sai dai a tabbatar filastar waje ta yi kyau kuma an rufe saman bango. Yashi dai kar a ɗura da sunan tare zafi, nauyi yake ƙarawa ya jinkirta zafin ya ƙara tura shi cikin dare. Yanzu haka akwai wani gini da yake yi a bayan unguwarsu, ɗakin kwanan shi ma yamma yake kallo, mun yi da shi zai ɗura ɓuntun tun daga layi na biyar, kuma ya ce wa mai gidan ya ƙara santimita goma a faɗin ɗakin tun a fandisho don soso ya samu wurin zama.